Yadda ake tabbatar da lokacin haɗuwa a rubuce bayan an gama magana ta waya

Yawancin saɓanin da ake samu kan lokacin haɗuwa ba daga ƙarya yake fitowa ba. Mutum biyu ne suka yi magana ta waya, kowa ya kashe wayarsa yana ganin an gama, alhali abin da ɗaya ya riƙe daban ne da na ɗayan. A nan arewacin Kamaru da Cadi abin ya fi sauƙin faruwa, domin a kira ɗaya sai ka ji an gaisa da Fulatanci, an yi ciniki da Hausa, an faɗi awa da Faransanci, ga rezo yana ɗaukewa yana dawowa. Maganin shi ne ɗan gajeren saƙo da za a tura bayan kiran, wanda ba zai karantu ta fuska biyu ba, sannan a jira amsarsa.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wani saurayi, mu kira shi Buba, yana kula da motocin dakon kaya na ubangidansa a unguwar Yelwa, a Garwa. Wani Alhaji mai sayen albasa a Marwa yana son babbar mota ta kai masa kaya kudu, kuma ya ce zai zo Garwa da kansa a zauna a yanke kuɗin dako. Sun yi waya ranar Litinin, 2 ga Maris, ranar da kasuwar Marwa take ci, Alhaji yana tsakiyar hayaniya. Abin da aka rabu a kai shi ne: “To, sai Laraba mai zuwa, bayan la'asar, a wajenku.”

Ga wanda ya faɗe ta, wannan magana a fili take. Amma akwai ramuka uku a cikinta. Laraba mai zuwa tana iya zama ta jibi, 4 ga wata, tana kuma iya zama ta sama, 11 ga wata. Bayan la'asar ya kama tun daga sallame salla har kusan magariba, kuma wani masallacin uku da rabi yake tayarwa, wani sai huɗu. “A wajenku” kuwa, ofis ne, ko gareji inda motoci suke kwana, ko gidan mai motar? Tsakanin Marwa da Garwa tafiyar kusan kilomita ɗari biyu ce. Wanda ya taso ya tarar ba ranar ba ce, ya yi asarar yini da kuɗin mota, kuma da wuya ya yarda laifin kunnensa ne.

Aikin yana farawa tun kafin a kashe wayar. Idan an tsayar da magana, kada ka yi saurin sallama. Maimaita abin da ka ji da bakinka, ka cike ramukan da tambaya: “Ranka ya daɗe, Larabar jibi ke nan ko ta sama? To, jibi. Mu sa huɗu da rabi, ta yi? A ofishinmu na Yelwa.” Daga nan sai ka yi masa shimfiɗa: “Yanzu zan turo maka a rubuce don kada in manta. A wannan lambar zan turo, ko akwai wadda ka fi dubawa?” Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta banza ba ce. Mutane da yawa layi biyu ko uku gare su, kuma sau da yawa lambar da aka kira ka da ita ba ita ce take da WhatsApp ba. Mutanen Kuseri ma da dama suna da lambar Kamaru mai farawa da +237 da ta Cadi mai farawa da +235, suna sauyawa gwargwadon gefen kogin da suke. Ka kuma lura da yadda aka ɗora mantuwar a kan mai magana, “don kada in manta”. Babba ba ya son a nuna masa kamar ba a amince da maganarsa ba, ko ana tsoron zai sauya. In ka ɗauki nauyin a kanka, ba wanda zai ji haushi.

Wa zai rubuta? Wanda ya nemi haɗuwar, ko ƙarami a cikin biyun. Idan aka bar shi a buɗe, kowa sai ya zauna jiran ɗan'uwansa. A misalinmu Buba ne zai rubuta, ko da yake Alhaji ne ya kira.

Da zarar ka kashe waya, rubuta. Kada ka ce sai ka koma gida. Cikin minti biyar ko goma maganar tana nan ɗanya a kanka da kan abokin maganarka, in akwai kuskure nan take zai gane. In ka bari sai dare, abin da za ka rubuta shi ne abin da kake tunawa, wanda ba lalle ne ya zama abin da aka faɗa ba, kuma shi ma a lokacin ya riga ya gaya wa wasu nasa fahimtar.

Yanzu ga abin da saƙon zai ƙunsa. Bayan sallama da sunanka, domin ba kowa ne ya ajiye lambarka ba, sai rana. Ka rubuta sunan ranar da kwanan watan tare, koyaushe: Laraba 4 ga Maris. Dalilin haɗa su shi ne kowanne yana gadin ɗan'uwansa. In ka yi kuskure ka rubuta Laraba 5 ga Maris, mai karatu zai duba ya ga 5 ga wata Alhamis ce, sai ya tambaya. In kwanan wata kaɗai ka sa, ba abin da zai tona kuskuren. Kafin ka tura, buɗe kalandar wayarka ka gani da idonka. Sunan watan ma ka rubuta shi da haruffa. Mu nan `04/03` muna karanta shi 4 ga Maris, rana kafin wata, amma akwai wayoyi da manhajojin da aka saita su kan tsarin Amurka, inda wannan rubutu yake nufin 3 ga Afirilu.

Kalmomin da suke da daɗi a baki, irin su gobe, jibi, gata, rana ita yau, kada su tsaya su kaɗai a rubuce. Saƙo ba ya isa lokacin da ka so. In ka rubuta “gobe” da daren Litinin, wayar mutumin tana kashe saboda ba wuta, ya kunna ta da safiyar Talata, to gobensa Laraba ce, taka kuwa Talata. Kana iya sa su a matsayin ƙari, “jibi Laraba 4 ga Maris”, amma kwanan watan ne ginshiƙi.

Wanda ya fi duka kama mutane shi ne dare. A lissafinmu na Musulunci dare yana gaban yininsa, saboda haka in dattijo ya ce maka “daren Juma'a”, galibi yana nufin daren da Alhamis ta wuni, wanda za a wayi gari Juma'a. Ɗan boko ko ma'aikacin ofis kuwa zai ɗauka yammacin ranar Juma'a ne bayan an sauko daga masallaci an wuni. Tazarar kwana guda ce cur. In haɗuwar ta dare ce, rubuta ta yadda ba gardama: Alhamis 5 ga Maris, 20h00, bayan isha'i, wato daren da za a wayi gari Juma'a. Haka nan duk abin da aka rataya a kan Salla, kamar “washegarin Salla”. Ranar tana bin ganin wata, kuma yakan faru Kamaru da maƙwabtanta su saɓa da kwana ɗaya. A sa kwanan watan boko, ko a rubuta ƙarara cewa za a sake tabbatarwa ranar da aka ga wata.

Sai awa. A nan mun yi sa'a, tsarin awa ashirin da huɗu da ake amfani da shi a ofisoshi da tashoshin mota kowa ya saba ganinsa, kuma ba ya buƙatar a ce safe ko yamma. Rubuta `16h30`, ka bi shi da Hausa: huɗu da rabi na yamma, bayan la'asar. Biyun tare, kamar yadda aka haɗa rana da kwanan wata. Wannan yana toshe wata kafa da waya take buɗewa: a Faransanci ƙarfe shida na safe da ƙarfe huɗu na yamma, “sizer” da “sezer”, wasali ɗaya ne ya raba su, kuma a tsakiyar kasuwa ba mai rantsuwa kan wanda ya ji. A Hausa ma in rezo ya haɗiye “sha”, sha biyu ta koma biyu. Ni ina ganin bai kamata a jefar da lokacin salla daga saƙon ba don wai an sa agogo. Da shi mutane da yawa suke tsara yininsu, kuma yana gaya wa baƙo cewa ya yi sallarsa tukuna, ba za a fara ba sai an idar.

Agogon Garwa da na Njamena da na Yola da na Kano duk ɗaya ne, don haka in a nan yankin za a haɗu ba ruwanka da bambancin awa. Sai in zaman na waya ne da wani a nesa. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku, Lome tana bayanmu da awa ɗaya. Faransa kuwa daidai take da mu a lokacin sanyinsu, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gaba da awa ɗaya. A irin wannan sai ka rubuta duka biyun: 16h30 agogon Garwa, 19h30 agogon Dubai, ka kuma faɗi wanda zai kira wani.

Wuri. Sunan gari, sunan unguwa, da wata alama da ɗan moto zai gane. “A tasha” ba adireshi ba ne a Garwa, tunda kowane ajans da tasharsa. “Bakin kasuwa” ma haka, kasuwa ƙofofi gare ta. Ka faɗi abin da yake tsaye ba ya motsi, kamar masallaci, gidan mai, ko mararraba, ka ce ta wane hannu. In kana zaune a wurin lokacin da kake rubutu, tura alamar taswira ta WhatsApp ma, amma ƙari ce kawai. Alhaji ba zai buɗe taswira ba, ɗan moto zai karanta wa sunan wurin.

Abu na ƙarshe shi ne dalilin zaman da abin da kowa zai riƙo, a jimla ɗaya. Ba wurin sake ciniki ba ne. In ka cusa farashi da sharuɗɗa, amsar da za ka samu a kan farashin za ta kasance, maganar lokaci ta nutse. In dole sai an ambaci kuɗi, kamar kafin alƙalami da za a zo da shi, rubuta shi da lambobi ka sa sefa a gaba, domin masu lissafi da dala, ko riyal a bakin mutanen Cadi, biyar-biyar suke ƙirgawa, kuma ɗarinsu ɗari biyar ce a takarda.

Ga yadda na Buba zai fita:

“Assalamu alaikum Alhaji, Buba ne na wajen motoci a Garwa. Ga abin da na fahimta a wayarmu ta ɗazu, in na yi kuskure a gyara mini:
Rana: jibi Laraba 4 ga Maris
Lokaci: 16h30, huɗu da rabi na yamma, bayan la'asar
Wuri: ofishinmu na Yelwa, Garwa, ba gareji ba. Ƙofa mai shuɗin fenti, daura da gidan mai
Magana: kuɗin dakon albasa. Maigida zai kasance da kansa. A taho da adadin buhuna
In haka ne, a amsa mini da rana da lokacin. Allah ya kai mu.”

Dubi “ba gareji ba”. Inda ka san akwai abin da mutum zai iya ɗauka bisa kuskure, ambace shi ka kore shi. Dubi kuma yadda kowane abu yake kan layinsa, don wanda zai duba wayar a tsaye cikin rana ya tsinci abin da yake nema ba sai ya karanta gaisuwa ba. Saƙo ɗaya ne kuma, ba guntaye biyar ba. Guntaye sukan iso a hargitse, ko a karanta uku a bar biyu, kuma in Alhaji zai tura wa direbansa ko ɗansa, abu ɗaya zai tura.

In mutumin ƙaramar waya gare shi, sai SMS, kuma a nan akwai wani abu da ya shafi masu rubuta Hausa musamman. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa ko guda ɗaya, ƙ ko ɗ ko ɓ, wayar takan koma wani tsarin rubutu da ba ya ɗaukar fiye da 70. Saƙonka sai ya rabu biyu ko uku, kiredi ya ƙara tafiya, kuma a tsohuwar waya haruffan kan fito kamar ƙananan akwatuna. Don haka a SMS ka haƙura da lanƙwasa, ka taƙaita:

“Salam Alhaji, Buba ne. Mun tsaya kan Laraba 4 Maris, 16h30 bayan laasar, ofishinmu na Yelwa, Garwa. A zo da adadin buhu. In haka ne a amsa mini.”

Idan kuma ba ya karanta boko, kada ka fasa rubutawa. Tura rubutun, sannan ka bi shi da saƙon murya gajere, kana karanta abin da ka rubuta daidai, ba ƙari ba ragi. Muryar tasa ce, rubutun na yaron da zai duba masa ne ranar da aka tashi tafiya. Murya kaɗai ba ta wadatar ba, don ba a iya dubanta da ƙiftawar ido, kuma neman wata magana a cikin tarin saƙonnin murya aiki ne.

Tura saƙo rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne amsa, kuma a nan ne mutane suka fi sakaci. A WhatsApp, alamar ✓ ɗaya a gefen saƙo tana nufin saƙon ya bar wayarka amma bai shiga tasa ba. Biyu masu ruwan toka, ya shiga. Biyu shuɗaye, an buɗe. Ko shuɗayen ba su ce ya yarda ba, ba su ma ce shi ne ya buɗe ba, wataƙila yaro ne yake wasa da wayar. Wasu kuma sun kashe wannan alamar gaba ɗaya, nasu ba ya yin shuɗi ko sun karanta. Abin da kake nema shi ne amsar da ta maimaita maganar: “Na gani, Laraba 4 ga wata, huɗu da rabi, in sha Allah.” Wannan ta rufe magana. “To” kaɗai, ko hoton babban yatsa, ko “Allah ya kai mu”, suna nuna an ga saƙo, ba su nuna an karanta shi ba. Ga tsaranka kana iya cewa kai tsaye, “Maimaita mini ranar.” Ga babba kuwa sai ka sassauta: “Na gode, ranka ya daɗe. Larabar jibi ke nan, ko?” Tambaya ce da amsarta ba ta wuce kalma ɗaya ba, kuma dole ya dubi ranar kafin ya ce e.

A misalinmu, a ce amsar Alhaji ta zo da magariba: “Buba ai ni ta sama nake nufi, jibi ina da lodi.” Ko da an maimaita a waya, hayaniyar kasuwa ta cinye. Ba a yi asarar komai ba, saƙon ya yi aikin da aka tura shi. Abin da Buba zai yi yanzu shi ne ya duba kalanda, ya ga Laraba ta sama 11 ga wata ce, ya tambayi maigida ko yana gari ranar, sannan ya rubuta sabon saƙo cikakke. Kada ya ce “to mu bar shi ta sama” ya yi shiru. Ya sake jero komai, da rana da lokaci da wuri, ya buɗe da cewa: “Wannan ya soke na farko. Ba 4 ga Maris ba, Laraba 11 ga Maris.” Ƙa'idar ita ce saƙon ƙarshe ya iya tsayawa shi kaɗai, ta yadda wanda bai ga na baya ba zai iso daidai.

Kada ka gyara tsohon saƙon a inda yake. WhatsApp yana ba da damar gyara cikin minti 15 da turawa, amma ba ya buga wa mutum ƙararrawa cewa an sauya wani abu, ɗan rubutu ne kawai yake fitowa a gefe. Wanda ya riga ya karanta ya tafi da tsohon lokaci a kansa. Ka kuma duba ko hirar taku tana kan tsarin saƙo mai ɓacewa. In an saita shi kan awa 24 ko kwana 7, tabbacin zaman da za a yi nan da kwana tara zai goge kafin ranar. Ɗauki hoton allon ka ajiye, ka sa ranar a kalandar wayarka da ƙararrawa.

Duk lokacin da ake sake rana, a dubi abin da zai iya tare ta. Ofisoshin gwamnati a Kamaru daga bakwai da rabi na safe zuwa uku da rabi na yamma suke aiki, ran 11 ga Fabarairu da 20 ga Mayu kuwa hutu ne. A Cadi akwai 11 ga Agusta, kuma ranar Juma'a da wuri ake tashi. Mai tsallaka gadar Ngeli tsakanin Kuseri da Njamena ya sa lokacin layi da binciken takardu a lissafinsa, ya kuma tuna da komawa kafin a rufe.

In shiru ya yi yawa fa? Ba shi zuwa washegari da safe. In alamar ✓ ɗaya ce har yanzu, saƙon bai shiga ba, sai ka tura SMS a lambar da kuka yi magana. In ya shiga ba amsa, kira shi, ba don a sake tattaunawa ba: “Na turo saƙo kan zamanmu, a duba mini.” In ya tabbatar da baki a wannan kiran, rubuta layi ɗaya bayan kun gama: “Kamar yadda muka sake magana yanzu, Laraba 11 ga Maris, 16h30, yana nan.” Muddin ba a samu ɗaya daga cikin waɗannan ba, Buba bai kamata ya ce wa maigida ya soke wata tafiya don wannan zaman ba.

Ana gobe haɗuwa, da yamma, sai tuni. Ga mai tasowa daga Marwa, tunin safiyar ranar ya makara, don wataƙila ya riga ya shiga mota ko ya riga ya fasa. Buba zai jawo saƙon ƙarshen nan ya amsa a kansa, yadda cikakken bayanin zai fito a sama, ya rubuta: “Alhaji barka da yamma. Tuni ne kan gobe Laraba 11 ga Maris, 16h30, ofishin Yelwa. In an taso a yi mini bip, in an iso tasha kuma a kira ni in turo ɗan moto.”